Warin girezil a famfon madafa: abin da na tarar a wani gida na Karkada

A tsakiyar bazara aka kira ni wani gidan bene a unguwar Karkada, nan Damagaram. Sana'ata gyaran famfo ce, kuma yawancin kiran da nake samu a wannan lokaci bai wuce "ruwa ba ya hawa sama" ko "tiyo ya fashe" ba. Wannan kuwa dabam ne. Hajiyar gidan ce ta tarbe ni a zaure da kofi a hannu, ta miƙo mini ta ce: "Malam, sunsuna ka ji. Wannan daga famfon madafa na tara da asuba, da shi na so in dama wa yara koko."

Ruwan ya ɗan yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara, warin girezil kuma na tashi, maganin nan da ake wanke ban-ɗaki da shi. Alhaji yana ganin daga can wajen masu ba da ruwa ne, sun cika magani. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, maganin da ake sa wa ruwan gari warin jabel yake yi, ba ya warin girezil. Ruwa ba ya tsami banza. Bari in zaga gidan." Na aiki yarona ya taro ruwa a gidaje biyu na maƙwabta, ya dawo da shi garau, babu wari. Ke nan matsalar tana cikin gidan.

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san halin ruwanmu. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan daga nesa ake janyo shi, daga wajajen Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma idan zafi ya tsananta sai unguwa ta wuni famfo a bushe, ruwan ya zo cikin dare. Wannan ya koya mana wata ɗabi'a: a buɗe famfo a bar shi, a ajiye masa roba ko bokiti, don duk sa'ad da ruwa ya zo a ji ƙararsa. A wannan gida ma haka ake yi.

Gidan yana da ban-ɗaki biyu. Na ƙasa mai kujera ne, kuma an ɗaura masa abin da 'yan kasuwa ke kira jet, wato wani ɗan bakin feshi da ake maƙalawa a ƙarƙashin murfin zama ta baya, yana leƙa cikin kwanon, da ɗan makulli a gefe da mutum zai murɗa ruwa ya tsarto. Na sama kuwa na tsuguno ne, da tiyon tsarki na hannu, wanda ake ce wa dushet, mai tsawon mita 1.2 da kai mai maɗanni. Duka biyun a kan layi ɗaya suke da famfon madafa da na tsakar gida, kai tsaye daga kwantar, wato ma'aunin ruwan gidan, babu tanki a tsakani.

Da na hau sama na ga abin da nake nema. Kan tiyon yana kwance cikin bokitin wanke ban-ɗaki, an ɗaure maɗanninsa da tsinken roba. Yarinyar da ke aikin gidan ba ta ɓoye komai ba. Jiya da la'asar ta haɗa ruwan girezil ta fara goge kwanon da tsumma, tana wankewa tana matsewa a cikin bokitin, sai ruwa ya ɗauke. Ta ɗaure maɗannin, ta tsoma kan a bokitin don idan ruwa ya dawo ya cika mata, ta sauko. Ta ce ta bar ruwan ya kusa rabi, amma da safe ta tarar da shi a gindin bokiti, ta zaci yoyo yake. Bokitin lafiyarsa lau. Tiyon ne ya shanye ruwan.

Yadda abin ke faruwa ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, duk mai sayar da esans a bakin hanya ya san shi. Idan ka tsoma tiyo a jarka da ke sama, ka zuƙa sau ɗaya, ka saukar da ɗaya bakin ƙasa, man zai yi ta zubowa da kansa har sai jarkar ta ƙare ko iska ta shiga tiyon. Bututun gida haka yake. Muddin ruwan gari yana turowa da ƙarfi, komai gaba yake tafiya. Da zarar an ɗauke, ruwan da ya rage cikin bututu sai ya nemi gangara. A gidan nan, daga saman ruwan bokiti zuwa bakin famfon tsakar gida akwai tazarar kusan mita 4. Kowane mita 10 na tsayin ruwa yana daidai da kusan bar 1 a awon ƙarfin ruwa, don haka mita 4 na ba da zuƙar kusan bar 0.4, wadda ta isa ta ɗago ruwa daga bokiti ta haye da shi makullin bango ta gangara da shi. Hajiya ta buɗe famfon tsakar gida da magariba ta ajiye roba. Ita ce, ba tare da ta sani ba, ta yi zuƙar farko.

Alhaji ya yi tambaya mai kyau. Ya ce: "To Malam, shekara nawa muna da tiyon nan, ruwa kuma kullum ɗaukewa yake, don me sai yau?" Amsar tana jikin bangon ban-ɗakin. Akwai ƙaramin tankin kora ruwa a sama da kwanon. A da, idan ruwa ya ɗauke aka ja igiyarsa, tankin yakan zauna babu ruwa, ƙwallon cikinsa ya faɗi, bakinsa ya buɗe, iska ta shiga bututu ta nan ta karya zuƙar. Mako biyu kafin wannan rana tankin ya fara yoyo, sai aka rufe makullinsa aka koma korawa da bokiti. Ƙofar da iska ke shiga ta toshe ke nan. Wannan ne ya sa irin wannan matsala ke da wuyar kamawa: sai abubuwa uku sun haɗu, bakin tiyo a nutse kuma a buɗe, ƙarfin ruwa ya faɗi, kuma babu inda iska za ta shiga. Gida zai iya shekara bai gamu da ita ba, ko ya gamu da ita sau da yawa ba wanda ya lura.

Wannan na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali. Girezil ne ya tona asirin, saboda yana da wari da launi. Da ruwan bokitin na tsumma ne kawai, wanda aka goge kwanon bayi da shi, babu magani, da an dama kokon an sha. Ta wannan hanyar ce ƙwayoyin zawo da taifot da kwalara ke bi, daga bayan gida zuwa baki.

Ban so Alhaji ya yarda da magana ta kawai ba, sai na maimaita abin a gabansa. Na wanke bokiti, na zuba ruwa mai tsabta, na jefa ɗan bula na wanki ya yi shuɗi, na ja layi da alli a daidai saman ruwan. Lokacin akwai ɗan ruwa a layi, na bari bututu ya cika, na tsoma kan tiyon da maɗanninsa a ɗaure, na rufe makullin kwantar, na sa yarona ya buɗe famfon tsakar gida. Muna tsaye ruwan bokitin ya fara sauka daga layin allin. Ba a jima ba yaron ya kwaɗa kira daga ƙasa cewa shuɗi ya fito. Bututun gidan na 15/21 ne, wato mai faɗin ciki kusan milimita 15, kuma irinsa yana ɗaukar kusan lita 1 a kowane mita 5. Lita 3 ko 4 da suka ɓace daga bokitin yarinyar sun isa su cika mita 15 zuwa 20 na bututu. Wani ya zube a robar tsakar gida, saura ya kwanta a ciki, ruwan gari ya dawo da dare ya tura shi har madafa.

Na sake gwajin ba tare da ɗaure maɗannin ba. Na yi tsammanin ba abin da zai motsa, amma ruwan ya ci gaba da sauka, a hankali ƙwarai. Na kwance kan na duba: 'yar robar da ke toshe ramin ta taurare, yashi kuma ya zauna a bakinta. An ƙera maɗannin ne don ya tare ruwan da ke turowa daga baya, kuma a yawancinsu ƙarfin ruwan yana taimakawa wajen danne robar. Ba a yi shi don ya tare zuƙa ba. Wanda ke cewa "ai tiyona a rufe yake" ya dogara ne da 'yar roba da ba ta kai girman ƙwayar wake ba.

Da Alhaji ya ga haka sai ya yanke hukunci nan take: a cire tiyon, a sa jet a ko'ina, tun da shi ba ya faɗawa bokiti. A nan ne muka daɗe muna magana, don ni a ganina ya gudu daga wuri mai haɗari zuwa wanda ya fi shi.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowane bakin ruwa a ban-ɗaki: idan kwanon ya toshe ya cika har baki, wannan bakin zai nutse ko ba zai nutse ba? Jet zai nutse, domin a ƙasa da leɓen kwanon yake zaune dare da rana, aikinsa ke nan, ba zai iya wanke mutum daga wani wuri ba. Ko kwanon bai toshe ba, yana shan fantsali a duk lokacin da aka yi amfani da wurin, balle a ranakun da babu ruwa, da ake kwara bokiti da ƙarfi don korawa. Na sa Alhaji ya haska shi da fitilar waya, ya ga abin da ya daskare a bakin, bai ce komai ba. Sannan ɗabi'ar nan tamu tana nan: mutum ya murɗa makullin, ruwa bai zo ba, ya tashi ya bar shi a buɗe. Akwai masu tsada da ake haɗa musu abin karya zuƙa a ciki da bakin da ke komawa cikin kube bayan an gama, amma wanda na cire a gidan nan siririn tiyo ne da makulli da baki, babu komai a tsakani.

Tiyon hannu kuwa, idan yana rataye a maƙalinsa, yana sama da komai. Haɗarinsa daga hannun mutane yake zuwa: a yar da shi a ƙasa, ya zame cikin kwano, a tsoma shi a bokiti. Ana iya rage wannan da awo. A ban-ɗakin tsuguno, leɓen kwanon shi ne daɓen ƙasa, mai tsarki kuma ba ya bukatar kan tiyon ya taɓa ƙasa. Idan aka ɗaga makullin bango yadda in an saki tiyon zai yi lilo kansa ya tsaya kamar santimita 15 ko 20 sama da daɓe, ba zai taɓa kwanciya cikin kwano ba. Sai dai bokiti ya fi wannan tsayi, don haka awon bai hana abin da yarinyar ta yi ba. A mai kujera kuma dabarar ba ta aiki sam, domin dole kan tiyon ya shiga ƙasa da leɓen kwanon kafin ya yi amfani. Don haka na ce wa Alhaji tiyo ya fi jet sauƙin tsarewa, amma ba ɗaya daga cikinsu da zan yarda ya zauna a layi ɗaya da ruwan sha.

Ya ce to a sa kilape, wato ɗan bawul ɗin nan da ke barin ruwa ya wuce gaba ya hana shi komowa. Na sa, amma na gaya masa iyakarsa. Kilape a bayan kwantar yana kare titi daga gidanka, kuma wannan haƙƙin maƙwabta ne, domin idan babban bututu ya zube, ko wani ya ɗaura injin zuƙa kai tsaye a layi, za ka ɗora tafin hannu a bakin famfo ka ji yana tsotsa. Amma ba ya kare madafarka daga ban-ɗakinka, tun da duka biyun a bayansa suke. Wanda aka sa a gindin tiyon tsarki ya fi kusa da matsalar, sai dai shi ma ɗan marfi ne da sifirin, ruwanmu kuma yakan dawo da yashi bayan an ɗauke. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tokare shi, ba kuma zai yi ƙara ko yoyo ya sanar da kai ba. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1717 ta kasa ruwa kashi 5 gwargwadon haɗarinsa, ruwan da ya taɓa bayan gida shi ne na 5, kuma a wannan mataki ba ta ɗauki kilape a matsayin kariya ba. Tazarar iska take nema.

Tazarar iska ita ce ruwa ya fito daga bakin bututu ya faɗo ta cikin sarari kafin ya isa inda zai taru. Komai ƙarfin zuƙa, iska kawai za ta ja. Awon da aka saba shi ne tazarar ta kai ninki biyu na faɗin cikin bututun, kada kuma ta gaza milimita 20, ana aunawa daga inda ruwa zai tsaya in mazubin ya cika ya tumbatsa. Na nuna wa Hajiya butar alwala a ƙarƙashin famfon tsakar gida, na ce wannan da kuke yi tun kaka da kakanni shi ne abin, matuƙar bakin famfon bai shiga cikin butar ba kuma ba a saƙala masa guntun tiyo ba.

Aikin da muka yi kwana biyu ya ɗauka. Na fara da tsabtace layin, kuma a nan akwai tsari. Na hana a sha ko a dafa da ruwan, ko an tafasa shi, domin tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta fitar da girezil. Na zubar da na robar tsakar gida. Na jefar da tsohon tiyon, don roba tana riƙe warin. Da ruwa ya zo da dare muka buɗe famfunan ɗaya bayan ɗaya, daga na kusa da kwantar zuwa na nesa, har wari ya ɓace gaba ɗaya. Sai bayan nan na kawo jabel. Idan aka gaggauta zuba shi a kan ragowar girezil, haɗuwarsu tana haifar da wani ɗanɗanon magani da ya fi na farko naci. Na haɗa miligiram 50 na kolorin a kowace lita, wato kusan lita 1 ta jabel mai ƙarfin kashi 2.6 cikin ɗari a ruwa lita 500, ni kuwa lita 100 na haɗa da mililita 200. Na rufe kwantar, na ɗura ta sama har kowane famfo ya fara warinsa, na rufe, muka bar shi awa ɗaya, sannan muka kore da ruwa mai yawa.

Washegari muka raba layi. Na ɗora tanki na lita 200 a kan rufin ɗakin matakala, na ban-ɗaki kawai. Bututun shiga na sa shi a can sama da ƙwallonsa. A ƙasa da shi na yanka taga mai faɗi a gefen tankin, yadda ko ƙwallon ya lalace ruwa zai zube ta nan kafin ya kai bakin shiga, na bar tsakaninsu santimita 5. Ban dogara da ƙaramin bututun ambaliya ba, don zanzaro yakan gina a ciki ya toshe shi. Tagar na rufe ta da raga saboda sauro da ƙadangaru, na ce a riƙa kakkaɓe ta, musamman lokacin hunturu da ƙura. Daga gindin tankin bututu ɗaya ya sauka zuwa tiyon sama da na ƙasa da tankunan kora ruwa, kuma na yanke tsohuwar mahaɗarsu da layin madafa na toshe ta. Alhaji ya so a bar makulli a wurin "saboda wata rana". Na ƙi, don ranar da tanki ya ƙare wani zai buɗe shi, kuma ba zai tuna ya rufe ba.

Jet ɗin ƙasa na cire shi na sa tiyon hannu. Yanzu da layin ya rabu ba zai iya ɓata ruwan sha ba, amma tsabtar bakinsa ita kanta ba ta kwanta mini ba, Hajiya ma ta goyi bayana. A sama na ɗaga makullin bango yadda kan tiyon ke tsayawa sama da daɓe, na ƙara ƙaramin famfo a gefe mai tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashinsa da sarari, don kada a sake samun dalilin cika bokiti da tiyon tsarki.

Gyaran yana da farashinsa, na kuma faɗa tun kafin a fara. Tankin bai fi mita 3 sama da tiyon bene ba, wato kusan bar 0.3, ruwan gari kuwa idan ya zo da ƙarfinsa ya ninka haka sau da yawa. Feshin sama ya zama mai laushi. Na cire ɗan matsin da ke cikin kan tiyon, na sa bututu mai faɗi daga tanki, ya ɗan gyaru. A ƙasa, inda tsayin ya kai mita 6, ba wanda ya yi ƙorafi. In ana son ƙarin ƙarfi, ƙaramin injin turawa ne za a sa a bayan tankin, ba a gabansa ba. A gefe guda kuma sun samu abin da ba su nema ba: ruwan tsarki a ranar da famfo ya bushe, da kuma kwanciyar hankali daga fashewar tiyo cikin dare, tun da ƙarfin layi ba ya zama a kansa yanzu.

Kafin in tattara kayana na sake haɗa bokitin bula, na ɗaure maɗannin da robar nan ta yarinyar, na tsoma, na rufe kwantar, aka buɗe famfon tsakar gida da na madafa tare. Ruwan da ke cikin bututu ya zubo fari har ya ƙare. Bokitin kuwa cika ya yi daga tanki har ya fara malala, sai da na kwance robar. Na ce wa Alhaji kilapen kwantar a riƙa gwada shi duk shigowar bazara: a lokacin da ruwa ya ɗauke a kwance mahaɗar da ke gabansa ta wajen kwantar, a ga ko ruwan gida yana ɗigowa baya, in yana ɗigowa a wanke shi ko a sauya. Yarinyar kuma Hajiya ta nuna mata sabon famfon bokiti, ta ce mata tiyon tsarki in an gama a mayar da shi maƙalinsa.